Me ya sa manhajar waya ke noƙewa idan aka tura mata hoton ƙurajen yaro?

Uwa ta ga ƙuraje a wuyan ɗanta da daddare, sai ta ɗauki hoto ta tura wa ChatGPT ko Gemini, ko ta haska da Google Lens. Amsar kusan ɗaya ce kullum: yana iya zama kaza ko kaza, amma a je a ga likita. Iyaye mata da yawa na jin haushin haka, har wasu na cewa kamfanonin tsoron shari'a kawai suke yi. Akwai wannan tsoron, ba shakka. Sai dai babban dalilin yana cikin hoton ne.

Mu ɗauki yaro ɗan shekara biyu da ƙananan ƙuraje a wuya da bayan kunne, a watan Afrilu. Ƙurajen zafi ne ko ƙyanda? A hoto, musamman wanda aka ɗauka da hasken tocila, suna iya yin kama sosai. Abin da ke raba su kuwa ba ya fitowa a hoto. Ƙyanda takan fara da zazzaɓi mai zafi, tari, mura da jan ido, sai bayan kwana uku zuwa huɗu ƙurajen su fito daga fuska da bayan kunne, su gangara zuwa ƙirji da ƙafafu. Ƙurajen zafi kuma sukan tsaya inda zufa ke taruwa, yaron na wasansa, yana cin abincinsa. Shi ya sa ma'aikaciyar lafiya ke taɓa goshinsa, ta leƙa cikin kumatunsa ko akwai fararen ɗigo, ta tambaye ki katin rigakafi, ta ji ko akwai mai irin ciwon a maƙwabta. Manhaja ba ta da hannu, ba ta kuma san abin da ya faru shekaranjiya ba. Idan ta ce miki ƙurajen zafi ne alhali ƙyanda ce, an yi asarar kwanakin da ya kamata a kula da yaron, ga kuma sauran yaran gida da zai iya sa wa.

Akwai wata matsalar da ta fi shafarmu. Waɗannan manhajoji daga hotuna suke koyo, kuma yawancin hotunan cututtukan fata da ke hannu na farar fata ne. A 2021 mujallar Lancet Digital Health ta buga wani bincike kan tarin hotunan ciwon dajin fata da ake horar da na'urori da su. Cikin hotuna fiye da dubu ɗari, 2,436 kawai aka rubuta launin fatar masu su. A cikin waɗannan, goma ne na masu fata mai ruwan ƙasa, ɗaya tak na baƙar fata. To, ƙurjin da littafi ke cewa "ja" ne, a jikin 'ya'yanmu yakan fito da duhu, ko ruwan toka, ko ma ba a ganinsa sai an shafa an ji ƙaiƙayinsa a hannu. Kyamarar waya kuma tana gyara launi da kanta, ta ƙara haske ta goge tabo. A ganina, manhajar da ta yi taka-tsantsan a nan ta fi wadda za ta yanke hukunci gaba-gaɗi.

Hoton asibiti ya ma fi wuya. Likitan da ke karanta hoton CT yana bin yanka-yanka masu yawa ne, wani lokaci ɗaruruwa, a kan allo na musamman, yana sauya hasken don ganin ƙashi daban, huhu daban. Ke kuwa abin da kika tura shi ne hoton fim ɗaya da aka ɗaga a jikin taga, da inuwar labule a bayansa. Kamfanin OpenAI da kansa ya bayyana a 2023, lokacin da ya ba manhajarsa damar duba hotuna, cewa ba ta dace da aikin likitanci ba. Inda takan yi amfani shi ne rubutaccen sakamakon da ke tare da hoton: za ta iya fassara miki kalmomin Turancin, ki san abin da za ki tambayi likita.

Hoton ma bai zama banza ba. Ki riƙa ɗauka kullum da rana, a wuri ɗaya, ba tare da filashi ba, ki rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, ki nuna wa likita yadda ƙurajen suka yaɗu. Idan kuma ɗigon masu duhu ne kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, ki danna gefen kofin gilashi a kansu, ki duba tafin hannu da tafin ƙafa inda fata ta fi haske. In ba su dushe ba, ga zazzaɓi, ko wuya ya sandare, ko yaro ya yi laushi ba ya shan nono, wannan na iya zama sanƙarau. A kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.