Yadda Ake Zaunar Da Kyanwa Bisa Kujera A Cikin Hoto

Daga cikin ayyukan da ake kai wa masu gyaran hoto da kwamfuta akwai wani wanda in an ji shi sai a ce ba wuya, watau a ɗauko kyanwa daga wani hoto a zaunar da ita bisa doguwar kujerar kushin a cikin hoton falo. Sau da yawa masu kawo irin wannan aiki mutane ne da kyanwarsu ta mutu ko ta ɓace, suna so su riƙa ganinta a inda ta saba zama. Saboda haka babu damar sake ɗauka, kuma babu wanda ya kai su saurin gane kuskure.

A ɗauka cewa an kawo hoto biyu. Na fari falo ne da rana, taga tana hagu, kujerar ja ce mai zaman mutum uku. Na biyu farar kyanwa ce mai baƙin tabo a kunnen dama, tana zaune a tsakar gida. Yanke ta daga hotonta shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ke tona asiri shi ne inda mai ɗauka ya tsaya, da kuma inda haske ya fito.

Gwani ba ya taɓa kyanwar sai ya fara gano tsayin kyamarar da ta ɗauki falon. Kowa ya san titi yakan yi kamar yana tsukewa in ya yi nisa. Haka ma hannuwan kujera da gefen darduma da layin da bango ya haɗu da daɓe, duk waɗanda suka nufi cikin ɗaki. In aka ja su da layi aka zarce, sai su haɗu a wuri guda, kuma layin da aka ja a kwance ta wannan mahaɗa shi ne daidai idon kyamara. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce wurin masu zane, don kuwa Leon Battista Alberti, mutumin Italiya, ya rubuta ta tun 1435. Duk abin da ke ƙasa da wannan layi ana ganin samansa, abin da ke bisansa kuwa ana ganin ƙarƙashinsa.

To, a misalin nan mahaɗar ta faɗo kaɗan bisa majinginar kujera, watau mai ɗaukar yana zaune ne, kyamararsa wajen mita 1 daga ƙasa. Kyanwar da ke kan wannan kujera kusan ido da ido za a gan ta: fuska da ƙirji da ƙafafun gaba, gadon baya kuwa kaɗan. Amma galibin hotunan kyanwa a tsaye ake ɗaukarsu, ana duban ƙasa, har kai ya fito ƙato, ƙafafu su ƙanƙance, baya ya bayyana sarai. Irin wannan in an ɗora ta a kujera sai ta yi kamar za ta kife da goshi. Masu gaggawa sukan ja ta su miƙe ta a kwamfuta, amma a banza, gama ƙirjin da kyamara ba ta gani ba ja ba ya fito da shi. Magani guda ne: a koma cikin wayar masu kyanwa a nemi hoton da aka ɗauka a durƙushe, ko wanda take bisa katanga ko tebur.

Sa'an nan sai girma. Nan ba a aiki da ƙiyasin ido, awo ake yi. A ce faɗin kushin guda santimita 60 ne a zahiri, a cikin hoto kuwa, daidai inda za ta zauna, ya zama santimita 12. Ke nan kowane abu a wannan wuri ya ragu sau biyar. In tsayinta a zaune, daga tafi zuwa kan kunne, santimita 35 ne, to a hoto 7 za ta zama. Dole a auna a inda za ta zauna ɗin, don bakin kushin ya fi kusa da kyamara, ya kuma fi faɗi. Wanda ya auna a baki ya zaunar da ita can ciki, ya mai da mage ƙaramar damisa.

Batun haske ya fi wannan sarƙaƙiya. Tagar falo tana hagu, amma a tsakar gida rana ta bugi kyanwar ta dama. Juya hoton, dama ta koma hagu, aikin daƙiƙa ɗaya ne, sai dai baƙin tabon nan zai koma kunnen hagu, uwar gida kuwa da gani za ta ce wannan ba tata ba ce. In kyanwa ba ta da shaida, a juya. In tana da ita, sai a haƙura a rage hasken dama, a ƙara na hagu sannu sannu, har da ɗan ƙyallin da ke cikin ido, wanda shi ma tilas ya koma ɓangaren taga. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Ƙwayar idon kyanwa takan tsuke ta zama siririn tsagi a cikin rana, ta buɗe a wuri mai duhu-duhu. Tsagin ido a falo mai labule shaida ce cewa daga waje aka ɗauko ta.

Inuwa iri biyu ce. Ta fari siririya ce mai duhu ƙwarai, daidai inda jiki ya taɓa kushin, kuma rashinta shi ke sa a ga kyanwa tana shawagi. Ta biyu ita ce wadda ta miƙe zuwa dama, nesa da taga, tana dusashewa. Ba a ƙirƙiro ta da ka. A dubi inuwar matashin da ke kan kujerar a kwaikwayi tsawonta da laushin gefenta, in ta isa majingina kuwa ta karye ta hau sama. A Photoshop ko GIMP akan zana ta a shimfiɗa dabam a ƙarƙashin kyanwar, a sa ta a Multiply don saƙar yadin ta riƙa fitowa, da launin ja mai duhu, ba baƙi ƙirin ba.

Har ila yau kushin ba daɓe ba ne. Kyanwa mai nauyin kilo 4 takan lotsa shi, don haka sai a ɓoye ƙasan tafukanta da gindin wutsiya kaɗan a bayan tudun yadi, a kuma shafa ɗan ja-ja a farin cikinta, domin jar kujera tana mayar da haske.

Kafin a buga, sai a mai da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. In farin gashinta ya fi farin labulen da ke bakin taga haske, ko baƙin tabonta ya fi ƙarƙashin kujera duhu, to da sauran aiki, sai a rage har su yi daidai, kana a mai da launi a kira masu hoto su duba.