Ganye Talatin, Gona Ɗaya

A ce mai bincike yana so ya gano ko wani sabon taki na ƙara wa gero yabanya. Ya zuba takin a gona ɗaya, ya bar ta maƙwabta ba taki, ya auna zangarniya 30 a kowacce, sannan ya rubuta cewa samfurinsa 60 ne. A nan kuskuren yake. Zangarniyoyin gona guda ƙasa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha, don haka shaida ɗaya suke maimaitawa. Samfurinsa na gaskiya gonaki 2 ne, kuma babu yadda za a raba tasirin takin da bambancin ƙasar. Masanin muhalli Stuart Hurlbert ya yi wa wannan maimaicin bogi fallasa a 1984.

Ko an yawaita filaye, saura matsalar kusanci: filayen da ke jere a gefen fadama sukan yi kama da juna saboda danshi. Maganin shi ne a rarraba filaye, a ce 10 da taki, 10 babu, a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a, a ɗauki matsakaicin kowane fili a matsayin awo ɗaya. Bayan lissafi, a duba ragowar kuskuren da ma'aunin Moran's I. Idan maƙwabtan filaye sun karkata gefe guda, kusancin bai fita ba.

A sashen bayanin hanyar bincike, ina ganin wajibi ne a faɗi adadin filaye daban da na zangarniya, tazarar da ke tsakaninsu da mita, da yadda aka raba takin. Idan gona biyu kawai aka samu, a rubuta ƙarara cewa sakamakon ya tsaya a kansu.