Shiga Shafin Caca da VPN: Abin da Ke Samun Asusu Ranar Cire Kuɗi

Duk na'urar da ta hau intanet tana ɗauke da wata lamba da ake kira IP, wadda daga gare ta shafi ke gane ƙasar da mai ziyara yake. Manhajar VPN tana ɗaukar saƙon mutum ta bi da shi ta wata na'ura da ke wata ƙasa, sai shafin ya ga lambar waccan na'urar a maimakon tasa. Da haka mutumin da ke zaune a Jidda zai iya bayyana kamar yana Dablin ko Amsadam. Wannan ce dabarar da wasu ke bi don shiga shafukan cacar da aka hana a inda suke zaune.

Hanin kuwa iri biyu ne. Akwai wanda hukuma ke yi, kamar a Saudiyya, inda caca haramun ce a doka kuma kamfanonin sadarwa ke toshe shafukanta. Akwai kuma wanda kamfanin cacar ke yi da kansa, saboda lasisinsa bai ba shi damar karɓar kuɗin mazauna wasu ƙasashe ba. Irin wannan kamfani yakan jera sunayen ƙasashen a cikin sharuɗɗan da mutum ke amincewa da su lokacin buɗe asusu, kuma galibi akwai sashen da ya hana ɓoye wurin zama. VPN na iya tsallake toshewar hukuma, amma ba ya goge ko layi ɗaya daga sharuɗɗan nan, kuma da su za a yi wa mutum hukunci.

Kamfanonin ba su zama ɗaya ba wajen tantancewa. A Birtaniya, tun shekarar 2019 hukumar kula da caca ta wajabta wa masu lasisinta su tabbatar da suna, adireshi da ranar haihuwar mutum kafin ya fara caca. Mai VPN yakan tsaya tun a bakin ƙofa a irin waɗannan shafuka, abin da ke nufin bai yi asarar ko kwabo ba. Matsalar ta fi yawa a shafukan da ke da lasisi mai sassauci, irin wanda tsibirin Kurasawo ya daɗe yana bayarwa. Da yawa daga cikinsu sukan karɓi kuɗi ba tare da tambaya ba, sai ranar da aka zo cirewa su nemi takardu.

A ɗauki misalin wani ma'aikaci mazaunin Jidda. Ya kunna VPN, ya zaɓi ƙasar Ayalan, ya buɗe asusu, ya rubuta adireshin wani gida a Dablin da bai taɓa gani ba. Ya zuba dala 200. Cikin makonni uku yana zuba kuɗi a wasannin ƙwallo, ya ci ya faɗi, har lissafinsa ya kai dala 1,500. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ce masa uffan. Ranar da ya nemi a tura masa dala 1,000, sai saƙo ya zo cewa an dakatar da biyan har sai an tantance shi. An nemi hoton fasfo ko katin shaida, da hotonsa riƙe da katin, da takardar wuta ko ta banki mai ɗauke da sunansa da adireshinsa wadda ba ta wuce wata uku ba. A nan gizo ke saƙar. Fasfonsa na gaske ne, amma ba shi da wata takarda da ta haɗa sunansa da gidan Dablin. In ya aika ta Jidda ya tona wa kansa asiri, in kuma ya ƙirƙiro ta bogi ya fita daga saɓa sharaɗi ya shiga laifin zamba.

Ko kafin takardun su iso, kamfanin yana da abin da zai kama shi da shi. Yawancin lambobin VPN na manyan rumbunan na'urori ne, ba na gidajen mutane ba, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, tattara waɗannan lambobi su sayar. Agogon wayarsa yana kan lokacin Saudiyya, wanda ke gaban na Dablin da awa 3 a lokacin sanyi, awa 2 a lokacin zafi. Lambar wayarsa ta fara da +966. Lambobi shida ko takwas na farkon katin bankinsa suna nuna bankin da ya bayar da shi da ƙasar bankin. Ga kuma katsewar VPN, wadda ke faruwa idan sabis ya yi rauni: daƙiƙa kaɗan sun isa ainihin lambarsa ta shiga kundin kamfanin, ta zauna can har ranar da za a buƙace ta.

Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba. Lambar VPN ɗaya ɗaruruwan mutane ke amfani da ita, musamman ta kyauta. Idan biyar daga cikinsu suna da asusu a shafi guda, kamfanin na iya ɗaukarsu mutum ɗaya ne mai asusu biyar da ke wawurar garaɓasar sababbin shiga. Sai laifin wani baƙo da mutum bai taɓa sani ba ya shafe shi.

Hukuncin da ke biyo baya ya danganta da abin da sharuɗɗan suka ce. Mafi sauƙi shi ne a rufe asusun, a soke duk abin da aka ci, a mayar da uwar kuɗin. Ma'aikacin Jidda zai karɓi dala 200 ɗinsa, 1,300 ta tafi. Wasu shafukan sukan riƙe har da uwar kuɗin, wasu kuma su yi ta jan ƙafa da sunan bincike wata da watanni. Abin da ya fi ciwo a tsarin shi ne rashin daidaitonsa. Da mutumin ya faɗi dala 200 ɗin tun makon farko, da wuya a mayar masa bisa hujjar cewa bai cancanci shiga ba. Asararsa tana tabbata, cinsa ne kawai ake iya sokewa, kuma kamfanin da ya ga alamun tun farko ya yi shiru yana karɓar kuɗi shi ma ba wankakke ba ne.

Wasu kan nemi mafita ta aron sunan ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a ƙasar da aka yarda da ita. Wannan ma saɓa sharaɗi ne, domin ana so sunan da ke kan asusu ya zama shi ne na katin da aka zuba kuɗi da shi. Ko an biya, kuɗin asusun mai sunan za su shiga, kuma shi banki zai tambaya inda suka fito. Kuɗin kirifto ma bai raba gardama ba. Shafukan da ke karɓarsa suna da damar neman takardu duk lokacin da suka so, kuma abin da aka tura ta wannan hanya ba bankin da zai janyo shi.

Neman haƙƙi bayan an rufe asusu abu ne mai wuya. Hukumar da ta ba kamfanin lasisi, ko mai sasancin da ta amince da shi, sharuɗɗan za su fara dubawa, kuma mai ƙarar ya riga ya ba da adireshin ƙarya. A ƙasar da yake zaune kuwa, kai ƙara daidai yake da amsa laifi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar laifukan intanet ta 2021 ta tanadi ɗauri ko tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan 2, ko duka biyun, ga wanda ya ɓoye lambarsa ta IP don aikata laifi ko don kada a gano shi. Ga baƙon da ke aiki da takardar zama, irin wannan shari'a na iya kaiwa ga rasa aiki da kora. Shi ya sa da yawa kan haƙura su yi shiru, alhali hoton fasfonsu da na katin bankinsu suna nan a hannun kamfanin da ba su da ikon tilasta masa ya goge su.