Daga Sakin Layi Zuwa Taswira: Yadda Ake Tsara Matakan Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

Littafin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan zazzaɓin cizon sauro yakan dunƙule umarni da yawa a sakin layi guda: a gwada jini, a ba da magani na kwana 3, mai tsanani kuma a yi masa allura. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da layi ke jiransa ba shi da sukunin bin dogon rubutu. Shi ya sa ake mayar da shi taswira mai tambayoyi da kibiyoyi.

Aikin farko shi ne a ja layi ƙarƙashin kowane "idan". Kowanne zai zama tambaya mai amsar e ko a'a, kowane umarni kuma ya zama akwatin da kibiya ke ƙarewa a kansa. Sai dai ba a bin jerin da rubutun ya bi, abin da ya fi saurin kisa shi ke hawa sama:

1. Akwai jijjiga, suma, kasa shan ruwa ko aman duk abin da aka ci? Idan e, a yi allurar atesunet ko a tura babban asibiti nan take.
2. Idan a'a, a gwada jini. Idan ba a ga cutar ba, kada a ba da maganin maleriya, a nemi wani dalilin zazzaɓin.
3. Idan an gani, a auna nauyi, a ba da ƙwayar atemeta-lumefantirin sau 2 a rana har kwana 3.

A ɗauki yarinya 'yar shekara 3 mai kilo 13, jikinta da zafi amma tana shan ruwa. Ta wuce tambaya ta farko, gwaji ya nuna cutar. Tunda nauyinta na tsakanin kilo 5 da ƙasa da 15, ƙwaya ɗaya za ta riƙa sha, sau 6 gaba ɗaya, tare da madara ko abinci mai maiƙo. Da da jijjiga ta zo, tun a matakin farko za a tsaya. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake yi masa a kowane kilo, wato miligiram 39 ke nan a wurinta.

Ana gane taswira mai matsala ta hanyar bin kowace kibiya da yatsa. Idan wata ta ƙare ba umarni, galibi reshen wanda gwajinsa bai nuna komai ba, to ma'aikaci zai cike gurbin da zato. Kuma a rubuta shekarar ƙa'idar a ƙasan takardar. A 2022 hukumar ta amince da atemeta-lumefantirin ga mai juna biyu a watanni 3 na farko, alhali tsofaffin taswirori suna nuna kwinin a wannan reshen.