Mai Auna Lilon Jari

Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho kowane wata ba kasafai yake sanin hannun wanda kuɗin ke faɗawa ba. A kamfanonin da ke juya irin wannan kuɗi akwai mutumin da sana'arsa ita ce rabo: nawa za a zuba a nan, nawa a can. Kayan aikinsa kwamfuta ce da jerin farashin shekarun baya, sai kuma lissafin da ya samo asali daga maƙalar da Harry Markowitz ya buga a 1952, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990.

A ce an damƙa masa naira miliyan 7, kuma wurare biyu kawai aka yarje masa: hannun jari da takardun lamuni. Abu na farko da zai auna shi ne lilon kowanne, wato yadda ribarsa ke kaucewa daga matsakaicinta, sama ko ƙasa. Mu ɗauka, don misali, lilon hannun jari kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, na takardun lamuni kashi 10. Sai alaƙar da ke tsakaninsu, wadda lamba ce daga -1 zuwa 1. In ta kai 1, tare suke hawa tare suke sauka; in ta kai -1, duk sanda wannan ya hau wancan sauka yake yi. A misalinmu 0.2 ce.

Mai tsoron asara zai ce a zuba kuɗin duka a takardun lamuni a huta. Ga mamaki, lissafi bai yarda da shi ba. Kason da za a ba hannun jari don lilon dukiyar ya zama mafi ƙanƙanta shi ne:

```
w1 = (s2^2 - r*s1*s2) / (s1^2 + s2^2 - 2*r*s1*s2)
w2 = 1 - w1
```

A nan w1 da s1 su ne kaso da lilon hannun jari, w2 da s2 na takardun lamuni, r kuma alaƙa. Ashirin sau ashirin 400 ne, goma sau goma 100, sannan 0.2 sau 20 sau 10 ya ba da 40. A sama za a cire 40 daga 100, saura 60. A ƙasa za a haɗa 400 da 100 a cire 80, saura 420. Sittin cikin 420 kuwa ɗaya bisa bakwai ne. Ke nan miliyan 1 ta tafi hannun jari, miliyan 6 takardun lamuni. Idan ya auna lilon wannan haɗi, zai tarar kashi 9.56 ne, ƙasa da goman da mai tsoro ya rungume. An ƙara abin da ya fi haɗari, haɗarin ya ragu, domin a wasu watannin da takardun suka yi ƙasa hannun jarin yana sama, yana toshe ɓarakar.

Gwanintar sana'ar ba a wannan rabawa take ba, ɗan sakandare ma zai iya ta. Tana wajen sanin cewa alaƙar ba ta zama wuri ɗaya. Ka ɗaga ta zuwa 0.5, saman lissafin ya koma sifili, hannun jari ba ya samun ko kwabo. Wannan iyaka ba sai an laluba ba: ƙaramin lilo ne a raba da babba, 10 bisa 20. In alaƙar ta haura zuwa 0.8, amsar za ta fito -1/3, ma'ana a aro hannun jarin da ba a mallaka ba a sayar, a ƙara kuɗin cikin takardun lamuni. Wanda dokar aikinsa ta hana shi haka sai ya tsaya a sifili. Sabon shiga yakan zaci kwamfuta ce ta rikice idan ya ga lamba ƙasa da sifili. Wanda ya daɗe a kujerar kuwa, alaƙar yake fara dubawa.

Kuma duk lambobin nan uku, lilon biyu da alaƙar, daga farashin jiya aka ciro su. A 2022 hannun jari da takardun lamuni sun faɗi tare a Amurka, bayan shekaru kusan ashirin ana ganin ɗaya na tallafar ɗaya. Shi ya sa ƙwararre ba ya tsayawa kan alaƙa guda. Yakan gwada da 0, da 0.2, da 0.4, ya ga yadda kason ke motsawa. A misalinmu daga kashi 20 yake gangarowa zuwa 14, sannan zuwa kusan 6.

Ka lura kuma, babu inda riba ta shiga lissafin. Idan ka tambayi mai juya maka kuɗi ya ce ya zaɓa maka rabon da ya fi ƙarancin lilo, ka bi shi da tambaya ta biyu: da wace alaƙa ya yi aikin, kuma daga farashin waɗanne shekaru ya ciro ta?