Idan Na'urar Banki Ta Yi Kuskure, Wa Zai Biya Tara?

A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ci bashin banki, ana cire masa naira 200,000 ranar 25 ga kowane wata. Tun ranar 23 ya zuba kuɗin a asusunsa. Ranar biya ta zo, na'urar bankin ta samu matsala, ba ta ciri ko kwabo ba. Bayan kwana goma sai ga saƙo a wayarsa: an ci shi tarar naira 2,000 saboda jinkiri.

Wannan adadi ya yi daidai da jadawalin caje-caje na Babban Bankin Nijeriya na 2020, wanda ya ƙayyade tarar jinkiri a kan kashi 1 cikin 100 na abin da ba a biya ba a wata. Amma tara ta wanda ya saɓa alkawari ce, shi kuwa wannan bawan Allah bai saɓa ba. Don haka haƙƙinsa zai nema, ba alfarma ba.

Hujjarsa ta farko ita ce takardar bayanin asusu, wadda za ta nuna kuɗin na zaune a ciki ranar 25. Ta biyu kuma saƙon ban-haƙuri da banki kan turo idan sabis ya ɗauke. Kada ya goge shi, ya ɗauki hotonsa da kwanan wata a jiki.

Daga nan sai ya rubuta takarda, domin maganar baka a gaban kanta ba ta barin shaida. Ya faɗi ranar da ya zuba kuɗin, da ranar da aka ci tarar, da adadinta. Ya nemi a mayar masa da tarar da duk kuɗin ruwan da ya ƙaru a kwanakin nan goma, a kuma gyara sunansa idan an kai rahoton jinkirin ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi. Wannan gyara ya fi naira 2,000 daraja, don tabon jinkiri kan hana mutum samun bashi nan gaba. Kafin ya fita, a buga masa hatimi a kwafinsa, a ba shi lambar ƙorafi.

Banki na da kwana 30 a kan ƙorafin bashi da cajin da ya wuce ƙa'ida. Idan wa'adin ya cika shiru, sai ya kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki ta cpd@cbn.gov.ng, haɗe da lambar ƙorafin.

Sai dai abin na da iyaka. In kuɗin asusun bai cika 200,000 ba a ranar, ko da naira ɗari ne, hujjar ta raunana. Saboda haka, mai karatu, duba asusunka ranar biyan bashi. In ka ga ba a cira ba, sanar da banki a rubuce a ranar.