Rasuwa Ba Ta Jiran Takardar Izini

A ƙasar Hausa, wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an sallace shi an kai shi makwancinsa. Ma'aikacin da aka bugo wa waya cewa mahaifinsa ya cika ba shi da sararin cike takarda, balle ya jira sa hannun oga. Jakarsa kawai zai ɗauka ya nufi tasha.

To, me doka ta tanadar masa? A Najeriya, Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 6 bayan ya yi wata 12 yana aiki, da hutun rashin lafiya har kwana 12, amma ba ta ce komai ba game da hutun rasuwa. Don haka abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ko ƙa'idojin ma'aikata shi ne madogara. Inda ba a rubuta ba, sai abin da shugaba ya ga dama, kuma a nan ake cutar ƙananan ma'aikata.

A ɗauki misalin akawun da ke aiki a Kano, iyayensa na Sakkwato. Idan rasuwar ta auku ran Litinin, a mota zai wuni, da wuya ma ya riski jana'iza. Zaman makoki kwana uku ne, in kuwa shi ne babban ɗa, shi zai zauna a ƙofar gida kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Sai kuma ranar dawowa. Ofishin da ya ba shi kwana uku cif bai lissafa hanya ba. Kwana biyar ne zai ishe shi, a kuma bar shi ya cike takardun bayan ya dawo.

Lamarin matar da mijinta ya rasu ya fi nauyi, domin takaba wata huɗu da kwana goma ce. Dokar ƙwadagon Saudiyya ta ba musulma wannan hutun cikakke da albashinta, ta kuma ware kwana 5 ga wanda ya rasa mata, iyaye ko ɗa. A Najeriya kuwa, mai takaba sai ta haɗa da hutun shekararta, ko ta roƙi hutu ba albashi, a daidai lokacin da ɗawainiyar marayu ta dawo wuyanta.

Saƙon ta'aziyyar ofis gajere ne ya fi. A ambaci wanda ya rasu da dangantakarsa da ma'aikacin, a ce Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba iyali haƙurin rashi. Idan Kirista ne, a yi addu'ar da ta dace da shi, a kuma tuna cewa jana'izarsu kan ɗauki makonni, don haka wataƙila ya so raba hutunsa biyu. Kada a cusa ranar komawa aiki ko tambayar wani fayil a cikin gaisuwar. Wannan a aika shi daban, bayan sadakar uku, ta hannun abokin aikin da aka ɗora wa teburinsa.